Matar da ke yi wa kyanwa tsawa: yadda ake bin sawun hoton barkwanci har gidansu

Duk mai riƙe da babbar waya da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan hoto ba. A hagu wata Baturiya ce mai farin gashi, fuska ta jiƙe da hawaye, baki a buɗe, ta miƙa yatsa tana nuna wani, ga wata mai baƙin gashi ta riƙe ta tana ba ta baki. A dama kuma farar kyanwa ce zaune a kan kujera, gabanta farantin ganye, ta kwantar da kunnuwa ta yamutsa fuska kamar wadda aka ɗora wa laifin da ba ta san hawa ba balle sauka. Masu raha sai su rubuta zargi a saman matar, su rubuta amsar rainin hankali a saman kyanwar. An yi shi da harsuna masu yawa, har da Hausa: matar gida na neman kuɗin cefane, maigida na cewa ai jiya ma ya bayar.

Irin wannan hoto da jama'a ke ɗauka suna sauya masa rubutu, shi ake kira mim, kuma wannan na cikin waɗanda suka fi yawo a duniya. Amma matar nan da kyanwar nan ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba. Ƙasarsu ma ba ɗaya ba ce, kuma tsakanin fitowar hoton hagu da na dama akwai shekara shida da rabi. Yadda ake gano haka aiki ne da kowa zai iya koya da wayar hannunsa, in dai yana da haƙuri.

Abin da ke ɓatar da yawancin masu nema shi ne tambayar da suke farawa da ita. Sukan ce, wa ya ƙirƙiro wannan hoto? Alhali tambayoyi uku ne a dunƙule. Akwai ranar da aka ɗauki hoton da abin da ke faruwa a wurin. Akwai ranar da ya fara hawa intanet. Sannan akwai ranar da wani ya fara mayar da shi abin dariya. Sau da yawa mutane uku ne daban, a shekaru uku daban, kuma babu wanda ya san wani. Wanda bai raba tambayoyin nan ba, da ya samu amsar ɗaya sai ya ɗauka ya gama.

Matakin farko shi ne a zauna a kalli hoton da kyau kafin a taɓa kowace manhaja. In ka dubi namu, za ka ga ɓangaren hagu yana da laushin hoton da aka tsamo daga bidiyo: gefen hannun da ke motsi ya ɗan dushe, haske irin na masu ɗaukar shirin talabijin. Ɓangaren dama kuwa hoton waya ne na cikin gida, an ɗauke shi daga wancan gefen teburi, da kwanuka a gaba. Launi bai zo ɗaya ba, haske bai zo ɗaya ba, kuma akwai layi miƙaƙƙe a tsakiya inda aka haɗa su. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa sawu biyu za ka bi. Sai ka yanke hoton gida biyu, ka kuma yanke duk rubutun da aka ɗora a sama. Wannan yanka yana da muhimmanci, domin in ka bai wa injin nema hoton a haɗe da rubutunsa, abin da zai kawo maka shi ne dubban 'yan uwansa na barkwanci, waɗanda duk bayan haɗawar aka yi su.

Daga nan sai neman hoto da hoto. Maimakon ka rubuta kalmomi, hoton kansa kake ɗorawa, injin ya nemo shafukan da yake ciki. Google Lens ya fi kowa yawan shafuka, kuma yakan gane shahararrun wurare da abubuwa. TinEye, na wani kamfani da ke Toronto wanda ya fara aiki a 2008, bai kai shi yawa ba, amma yana da abin da mai bin sawu ya fi buƙata: za ka iya jera sakamakon yadda kake so. In ka zaɓi Oldest, zai fara da mafi daɗewar kwafin da ya sani. In ka zaɓi Biggest image, zai fara da mafi girma. A ganina na biyun nan mutane ba su ba shi haƙƙinsa ba. Duk lokacin da aka yi wa hoto sikirinshot, aka tura ta WhatsApp, aka sake saukewa aka ɗora a Facebook, girmansa na raguwa, gefensa na yankewa, launinsa na dakushewa. Hoto baya ƙara kyau a hanya. Saboda haka kwafin da ya fi girma, ya fi tsabta, kuma ya nuna abubuwan da ke gefe waɗanda sauran suka yanke, shi ya fi kusa da tushe.

In aka yi haka da ɓangaren hagu, ba a daɗewa suna ke fitowa. Matar ita ce Taylor Armstrong, wadda ta riƙe ta kuma Kyle Richards, dukkansu 'yan wani shirin talabijin na Amurka mai suna The Real Housewives of Beverly Hills, wanda tashar Bravo ke nunawa. Shiri ne da kyamara ke bin wasu matan masu kuɗi na Kalifoniya a gidajensu da bukukuwansu, ana ɗaukar zumuncinsu da faɗansu. To da zarar ka samu suna, aikin ya koma na kalmomi. A Google ana iya toshe duk abin da aka wallafa bayan wata rana, don kada surutun baya-bayan nan ya rufe maka tsohon labari:

```
Taylor Armstrong Kyle Richards Malibu before:2012-01-01
```

Abin da wannan zai kai ka gare shi shi ne rahotannin jaridun nishaɗi na watan Disamba 2011. An nuna wannan fitowar a ranar 5 ga watan, a zango na biyu na shirin, kashi na 14, wanda aka ɗauka a wata liyafa a bakin teku a Malibu. Washegari jaridar Daily Mail ta Birtaniya ta buga labarin tare da hotunan da aka tsamo daga bidiyon, ciki har da wannan da duniya ta sani yanzu.

A nan mutane da yawa ke tsayawa, tunda sun samu suna da rana. Ni kuwa ina ganin nan ne aikin ya fara, domin sanin sunan shiri bai gaya maka dalilin kukan ba. Sai an koma an kalli abin da ya gabaci wannan daƙiƙa da abin da ya biyo bayanta.

Taylor a lokacin tana auren wani ɗan kasuwa, Russell Armstrong, kuma ta faɗa wa wasu daga cikin matan shirin a asirce cewa yana dukanta. A wani zaman shan shayi da aka yi kafin liyafar Malibu, ɗaya daga cikinsu, Camille Grammer, ta fito da maganar fili a gaban kyamara. Ga macen da ke zaune gida ɗaya da wanda take tsoro, wannan ba ƙaramin abu ba ne: sirrin da take ɓoyewa don kare kanta da 'yarta ya shiga faifan da za a nuna wa miliyoyin mutane, kuma mijin zai ji. Da aka haɗu a Malibu, wata ƙawar Camille ta sake tayar da zancen tana kare ƙawarta, ta ƙi bari. A nan Taylor ta fashe. Yatsan da ake gani a hoton, wannan mata yake nunawa. Taylor ta bayyana daga baya, a hirarraki da dama, cewa tsoro ne ya cika ta a daren, tsoron abin da zai same ta idan maganar ta koma gida.

Akwai kuma tazara tsakanin ɗauka da nunawa, wadda ranar jarida ba za ta nuna maka ba. An ɗauki liyafar Russell na raye. A watan Yuli 2011 Taylor ta shigar da ƙarar neman a raba auren, tana mai cewa ana cin zarafinta. A tsakiyar Agusta aka tsinci gawar Russell, ya kashe kansa. Zangon shirin ya fara fita a watan Satumba, don haka duk wanda ya kalli wannan kuka a Disamba ya riga ya san ƙarshen labarin. Taylor ta ce sai da aka yi mata tiyata a ƙashin da ke kewaye da ido saboda dukan da ta sha, kuma a 2012 ta fitar da littafi mai suna Hiding from Reality a kan rayuwar auren. Ke nan hoton da muke amfani da shi don kwatanta mace mai faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, an ɗauke shi ne a ɗaya daga cikin mafi munin dararen rayuwar wata mata, kuma kukanta na da dalili. Barkwancin ya juya ma'anar gaba ɗaya: a cikinsa ita ce mai zalunci, kyanwa ce abar tausayi.

Sawun kyanwar ya fi sauƙin ɗauka a zuciya, amma ya fi wuyar bi. Taylor shahararriya ce, jaridu sun rubuta sunanta kusa da hotonta. Farar kyanwa kuwa akwai miliyoyinsu, kuma injin nema zai cika maka allo da kyanwoyin da suka yi kama da ita. Abin da ke taimakawa shi ne kada ka yanke farantin da kujerar, domin su ne suka bambanta wannan hoto da sauran. In aka jera sakamakon daga mafi daɗewa, za a ga cewa tsofaffin kwafin duk suna ɗauke da wani ɗan rubutu na Turancin wasa, da kuskuren harafi da gangan:

```
"he no like vegetals"
```

Ma'anarsa dai ba ya son ganye. Irin wannan rubutu mai kuskure kyauta ce ga mai nema, domin ba kowa ke rubuta shi haka ba. In ka sa shi tsakanin alamomin zance kamar yadda yake a sama, injin zai kawo shafukan da ke da jimlar daidai yadda take. Ita ce ke kai mutum dandalin Tumblr, inda aka fara ɗora hoton a watan Yuni 2018. Tumblr na da wani amfani: duk wanda ya sake yaɗa abu, sunan wanda ya fara ɗorawa na biye da shi, don haka ana iya komawa baya har farko. Ashe ma muzuru ne, sunansa Smudge, yana zaune a birnin Ottawa na Kanada. Mai shi ta bayyana cewa ɗabi'arsa ce in an zauna cin abinci sai ya hau kujera shi ma, kuma ranar an bar farantin salak a gabansa ne ya yi wannan fuska. Babu wanda ke masa tsawa.

Saura tambaya ta uku: wa ya haɗa su? Kowane ɓangare ya yi yawonsa shi kaɗai kafin nan, mutane na amfani da shi wajen mayar da martani. Haɗuwar ta faru ne a ranar 1 ga Mayu 2019, lokacin da wani mai amfani da Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya ɗora hotunan biyu a saƙo ɗaya, ya rubuta cewa ganinsu tare na kashe shi da dariya. Bai ma haɗa su da wata manhaja ba. Tsarin dandalin ne ke jera hotuna biyu kafaɗa da kafaɗa, sai yatsan Taylor ya faɗa daidai kan Smudge. Cikin kwanaki wasu suka fara ɗora rubutu a kai, aka kai shi Reddit, kuma zuwa ƙarshen shekarar ya game duniya. A dandalin ana iya taƙaita nema da rana ta hanyar ƙara `since:2019-04-25 until:2019-05-05` a bayan kalmomin da ake nema, sai a riƙa matsar da ranar baya har a kai inda babu komai. Wurin da sawu ya ɗauke, nan ne ake zaton mafari.

Na ce ana zato, kuma da gangan na faɗa. Mai bin sawun dabbar da ta ɓata ya san cewa inda sawu ya ɓace ba lallai nan dabbar ta tsaya ba, wataƙila ƙasa ce ta yi tauri. Haka abin yake a nan, kuma kurakuran da ake yi sanannu ne. Ranar da TinEye ke nunawa ita ce ranar da injinsa ya fara ganin hoton, wadda kan iya zama watanni ko shekaru bayan an ɗora shi. Ranar da ke saman shafin jarida ita ma takan yaudari mutum, domin ana iya sauya hoton tsohon labari ba tare da an taɓa ranar ba, sai ka ga hoton 2018 zaune a shafin 2014 ka ɗauka ka yi babban kamu. Maganin wannan shi ne Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke ajiye kwafin shafuka yadda suke a ranaku daban-daban. Ka sa adireshin shafin, ka buɗe kwafin da ya fi tsufa, ka duba ko hoton na nan a lokacin. In babu shi, ranar ba tasa ba ce.

Sai kuma masu da'awa. Da zarar hoto ya yi suna, za ka ga shafuka da yawa sun manna tambarinsu a kai, kowa na cewa nasa ne. Tambari ba hujja ba ce, hasali ma kwafin da ke da tambari galibi ya zo ne bayan wanda ba shi da shi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce mutum ya iya nuna abin da mai kwafi ba zai taɓa samu ba. Mai Smudge ta ci gaba da ɗora wasu hotunansa da bidiyonsa a gida, a bakin teburi, har shafinsa na Instagram ya haura mabiya miliyan ɗaya. Wanda ya saci hoto ɗaya ba shi da na biyu. A ɓangaren Taylor kuwa bidiyon na nan, kowa na iya tsayar da shi a daidai daƙiƙar ya gwada da hoton.

Akwai shafin Know Your Meme, wanda tun wajen 2007 yake tattara tarihin irin waɗannan hotuna, kuma labarin matar da kyanwar na ciki da ranakunsa. Wuri ne mai kyau na farawa, amma mutane ne ke rubuta shi, kuma abin da suka iya gani suke rubutawa. Ya kamata a danna mahaɗan da suka bayar a gani da ido. Ƙarfinsa kuma yana kan abin da ya taso daga dandalin masu Turanci. Abin da aka haifa a wani harshe yakan shiga ne a makare, in ma ya shiga.

Wani zai ce, to yanzu da muka san labarin Taylor, a daina tura hoton ke nan? Ita kanta ba ta nemi haka ba. Ta sha nuna cewa abin na ba ta dariya, ta shiga rahar da kanta a Twitter, ta kuma ce wancan zamani ya wuce a rayuwarta. Ta sake aure a 2014, kuma ta yi amfani da sabon sunan da hoton ya jawo mata wajen magana a kan matan da ake duka a gidajen aure. Wannan haƙƙinta ne, kuma na girmama shi. Sai dai yardarta ta zo ne bayan hoton ya gama zaga duniya, ba wanda ya tambaye ta tun farko. Ita tana da suna da bakin magana a jarida. Yawancin waɗanda fuskarsu ke zama abin dariya ba su da ko ɗaya: yaron da aka ɗauka yana kuka a makaranta, tsohon da ya yi tuntuɓen harshe a gaban makirufo, matar da aka ɗauka a gidan makoki. Shi ya sa nake ganin mai bin sawu na da iyaka. In sawun ya kai ka ga shirin talabijin ko fim ko ɗan siyasa a bainar jama'a, faɗi abin da ka gano. In ya kai ka ƙofar gidan wani bawan Allah da bai nemi suna ba, ya isa ka san yanayin da aka ɗauki hoton, ba sai ka yaɗa sunansa da unguwarsu ba.

Duk dabarun nan suna aiki ne saboda Twitter da Tumblr da jaridu a buɗe suke, injin nema na iya shiga. Namu hotunan barkwancin kuwa yawancinsu a WhatsApp suke rayuwa, a matsayin sitika, kuma nan injin nema ba ya shiga. Sitika ƙarama ce, an yanke bayanta an bar fuska kaɗai, ba rana, ba sunan wanda ya fara yi. Da yawa an tsamo su ne daga finafinan Kannywood da na Kudu, fuskar marigayi Rabilu Musa Ibro ko ta Osita Iheme, daga finafinan da suka fito a kaset da faifan CD tun kafin a fara ɗora komai a YouTube. In ka ɗora irin wannan a Google Lens, da kyar zai wuce gaya maka sunan jarumin. Sunan fim ɗin da abin da ke faruwa a wannan fitowar sai an bi ta wata hanya: a dubi kayan da ke jikinsa, hula ce ko rawani ko kakin ɗan sanda, a kimanta shekarunsa daga fuska, a lura da wanda ke tsaye kusa da shi in ba a yanke shi ba. Daga nan sai a kai wa masu tura finafinai a waya a kasuwa, ko tsofaffin masu shagon haya na kaset, waɗanda sau da yawa kallo ɗaya za su yi su faɗi sunan fim ɗin da kashin da fitowar take. In sun faɗa, sai a nemo fim ɗin a kalla har a kai daidai wurin, a tsayar, a gwada da sitikar: hula ɗaya, bango ɗaya, juyin kai ɗaya.